Carbi: Yadda Hannu Yake Riƙe wa Zuciya Lissafi

Mai karatu, ga wani ɗan gwaji da ba ya bukatar kayan aiki. Naɗe hannuwanka, ka zaɓi gajeriyar kalmar da ka saba maimaitawa, ka faɗe ta sau 100 kana ƙirgawa a zuci, ba tare da ka motsa ko yatsa ɗaya ba. Da wuya ka yi nisa ɗaya daga abubuwa biyu bai same ka ba. Ko dai lissafi ya kwance maka, ka rasa a 37 kake ko a 47, ko kuma lissafin ya tsaya daram amma kalmar ta zama fanko, baki yana faɗa zuciya tana can tana gadin lamba.

Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma ƙarancin basira ba ne. Haka aka halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A shekarar 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan ma'aji na wucin gadi, inda take ajiye abin da mutum yake aiki da shi a halin yanzu. Sashen ma'ajin da ke riƙe magana ƙarami ne ainun, abin da aka zuba masa yakan dushe cikin kamar daƙiƙa biyu sai fa idan ana nanata shi a zuci. To lambar da kake riƙe da ita a kai ma magana ce, murya ce ta ciki da ke cewa “talatin da bakwai, talatin da bakwai”. Idan harshe ya ɗauki wata kalma yana maimaitawa, su biyun wuri ɗaya suke nema. A 1987 Robert Logie da Baddeley suka gwada abin kai tsaye: suka sa mutane ƙirga abubuwa suna kuma maimaita wata kalma da ba ruwanta da aikin, sai kurakurai suka ƙaru sosai. Hausawa sun daɗe da faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa mai awon hatsi a kasuwa ba ya amsa gaisuwa sai ya kai ƙarshen buhu.

Duk al'ummar da ibadarta ta ƙunshi maimaita kalma ɗaya sau da yawa ta ci karo da wannan matsala, kuma abin mamaki kusan dukkansu mafita ɗaya suka samo: a ɗauke ƙirga daga kai a miƙa wa hannu.

Daga tsakuwa zuwa zare

Wani marubuci Kirista mai suna Palladius, wanda ya zauna tare da masu zuhudu na hamadar Masar a ƙarshen ƙarni na 4, ya ba da labarin wani daga cikinsu mai suna Bulus. Wannan bawan Allah ya ɗora wa kansa addu'a 300 a kullum. Dabararsa ita ce ya tara tsakuwa 300 a jikin tufarsa, duk addu'ar da ya gama sai ya jefar da ɗaya. Tsakuwa ta ƙare, aiki ya kammala. A littattafan hadisi ma akwai ruwayoyin da suka ambaci ƙirga tasbihi da ƙwallon dabino ko tsakuwa tun zamanin sahabbai, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani kan ƙarfin wasu daga cikinsu.

Tsakuwa tana da aibi. Tana ɓacewa, tana da nauyi, kuma kullum sai an sake ƙirga ta kafin a fara. Wanda ya fara huda 'ya'yan itace ya zura musu zare ya magance duka ukun a lokaci guda. Adadi ya zama tabbatacce, ba a ƙara ba a ragewa. Sannan ga wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba: yanzu lamba ta koma wuri. Mai jan carbi ba ya bukatar sanin cewa yana kan na 37. Abin da yake bukata kawai kada ya saki ɗan carbin da ke tsakanin babban yatsa da manuni. In an yi sallama, in yaro ya yi kuka, in tari ya sarƙe shi, lissafinsa yana nan a hannu, ya gama uzurinsa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Kuma hannu ya cancanci wannan amana. Kan yatsa yana daga cikin wuraren da suka fi ji a jikin mutum. Idan aka ɗora masa tsini biyu da ke tsakaninsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zai gane biyu ne, alhali a gadon baya sai tazarar ta kai kusan santimita 4 kafin mutum ya bambance. Saboda haka yatsa yana iya gane ƙaramin ɗa da babba, mai santsi da mai kaushi, a cikin duhu, ido a rufe, ba tare da ya roƙi komai daga wancan ɗan ma'ajin magana ba.

Hikimar tana wurin shaida

Ni a ganina babbar fasahar carbi ba a 'ya'yan da suka yi kama da juna take ba, tana wurin waɗanda suka fita daban. Ɗauki carbin da aka fi sani a gidajenmu, mai 'ya'ya 99. Yana da dogon ɗa a samansa wanda ake kira liman, sannan bayan kowane 33 akwai wata 'yar alama, wadda wasu ke kira shaida, faffaɗa ko mai wata siffa dabam. An tsara shi ne daidai da zikirin bayan sallar farilla da ya zo a Sahihu Muslim: Subhanallahi 33, Alhamdu lillahi 33, Allahu akbar 33, a cike na 100 da kalmar tauhidi. Mai zikiri bai taɓa ƙirgawa ba. Yatsa ya ci karo da shaida, harshe ya sauya kalma. Yatsa ya iso wurin liman, an san an kai gaci.

Wanda yake son ganin yadda ake ƙera carbi don ya dace da karatu, ya karɓi na ɗan Tijjaniyya ya duba da kyau. 'Ya'yansa 100 ne, amma ba a raba su daidai wa daida ba. Daga liman za ka ƙirga 12 sai shaida, sannan 18 sai shaida, sannan 20 sai shaida ta tsakiya. Daga nan abin ya juya: 20, 18, 12. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka son rai ne na maƙeri. Amma tara lissafin ka gani. Shaida ta farko tana kan 12, ta biyu tana kan 30, ta uku tana kan 50.

Yanzu a kawo wazifa. Bayan buɗewa da Fatiha, ana yin istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan Jauharatul Kamali 12. Mai wazifa ya fara istigfari daga liman, ya wuce shaida ta farko, da ya taɓa ta biyu ya san 30 ta cika. Ya koma wurin liman ya fara salati, ya wuce biyu, ta uku ta tsayar da shi a 50. Hailala zagaye ne cikakke. Jauhara kuwa daga liman zuwa shaida ta farko. Adadi huɗu mabambanta a zare ɗaya, kuma da yake rabon ɓangaren dama daidai yake da na hagu, ta kowane gefe ka kama carbin lissafi ɗaya ne. Lazimi na safe da na yamma, wato istigfari 100, salati 100, hailala 100, zagaye uku ne kawai. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana yin wannan duka cikin duhun magariba ba tare da ya furta lamba ko ɗaya ba.

A coci, a haikali, a kan dutse

Kwatanta kayan ƙirga ba daidaita aƙida ba ne. Abin da Musulmi yake faɗa da wanda yake kira daban, na Kirista daban, na ɗan Hindu daban. Amma hannu iri ɗaya ne, kuma abin da kowa ya ƙera wa hannunsa yana koya mana wani abu.

Rosarin 'yan Katolika, wanda ake ja da harshen Hausa a coci-coci na Kudancin Kaduna da Filato da sauran wurare, yana da 'ya'ya 59. Guda 50 daga ciki an raba su gida biyar, goma-goma, tsakanin gida da gida akwai ɗa guda da ya zauna shi kaɗai, galibi ya fi sauran girma. Asalinsa yana da alaƙa da Zabura 150 da masu zaman zuhudu a Turai suke karantawa. Waɗanda ba su iya karatu ba sai aka ba su addu'ar Ubanmu sau 150 a madadinta, suna ƙirgawa da igiya mai ƙulli ko duwatsu. Daga baya gaisuwar Maryamu ta karɓi wurin, kuma a 1569 Fafaroma Pius na 5 ya tabbatar da tsarin da aka sani. A kowane gida mai addu'a yana karanta Ubanmu a kan babban ɗa, gaisuwar Maryamu sau 10 a kan ƙananan, kuma duk tsawon wannan lokaci ana so zuciyarsa ta tsaya kan wani al'amari guda daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa, abin da suke kira asiri. Asiran 15 ne har zuwa 2002, lokacin da Fafaroma John Paul na 2 ya ƙara biyar suka zama 20. A nan rabon aiki ya fito fili: yatsa yana ƙirga, harshe yana karatu, zuciya tana tunani. Da a ce sai zuciya ta riƙe lissafin goma-goma, da ba ta sami sukunin tunanin ba. Babban ɗan nan kuwa shi ne mai sanarwa cewa a rufe wannan asiri a buɗe na gaba.

Kiristocin Gabas, na Girka da Rasha, igiyar ulu suke ƙullawa, ƙulli 33 ko 50 ko 100, suna maimaita gajeriyar addu'ar neman jinƙai. Ulu ba ya ƙara, don haka mai ibadar dare ba ya damun na kusa da shi.

A Indiya carbin sunansa mala, 'ya'yansa 108, da ƙarin babba guda da ake kira meru. Masu bautar Shiba sun fi amfani da ƙwallon itacen rudraksha mai kaushi, masu bautar Bishnu kuma da itacen tulsi. Suna rataya zaren a kan yatsan tsakiya, babban yatsa yana jawo 'ya'yan, manuni ba ya taɓawa. Ƙa'idar da ta fi jan hankalina ita ce ba a tsallake meru. In an iso gare shi sai a tsaya, a juya mala a hannu, a koma ta inda aka fito. Su suna da bayaninsu na girmamawa, amma duba abin da ƙa'idar take yi a aikace: tana tilasta wa hannu ya katse motsin da ya saba, ya yi wani sabo da ke bukatar lura. Ba yadda za a yi mutum ya yi ta zagaye yana gyangyaɗi.

Mabiya Buda na ƙasar Tibet kuma, waɗanda wasu ayyukansu ke bukatar maimaita karatu sau 100,000, suna ja 108 amma su lissafa 100, takwas ɗin su bar su a madadin waɗanda aka yi cikin kuskure ko rafkana. A jikin carbin suna rataya ƙananan igiyoyi biyu masu zobba goma-goma. Zagaye ɗaya, a matsar da zobe ɗaya a igiyar farko. Goma sun cika, 1,000 ke nan, a matsar da ɗaya a igiya ta biyu. Da haka hannu yake riƙe 10,000. Wannan rangwame na takwas yana burge ni, domin amincewa ce a fili cewa hankalin mutum zai tafi yawo, komai ƙoƙarinsa.

Hankali mai yawo

Kuma lallai yana tafiya. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon wani bincike da suka yi da wayar hannu, suna tambayar mutane 2,250 a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. A kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, tunanin mutum ba ya kan abin da ke gabansa. Idan haka abin yake a harkokin yau da kullum, ina ga maimaita kalma guda, wadda harshe ya haddace har ba ya bukatar jagora?

Matsalar rafkana ita ce mai yin ta bai san yana yi ba. Ba ka jin lokacin da ka tafi, sai dai lokacin da ka dawo. Don haka abin da mai zikiri yake bukata shi ne wani abu daga waje da zai riƙa taɓa shi. Kowane ɗan carbi ƙaramar taɓawa ce, shaida kuma babba ce, domin tana neman hukunci: a sauya kalma ko a ci gaba? Mai carbi 99 ba zai yi tafiyar da ta wuce 33 ba sai an tambaye shi inda yake. Mai rosari ba zai wuce 10 ba.

Akwai kuma batun numfashi. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Sun auna mutane 23 masu lafiya suna karanta addu'ar rosari da harshen Latin, da kuma wani karatu na masu yoga. Dukkan karatun biyu sun sassauta numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, abin da ya daidaita da wani kai-komo na bugun zuciya da hawan jini da ke zagayowa kusan kowace daƙiƙa 10. Sai dai a kula, karatun da numfashin aka auna, ba 'ya'yan carbi ba, kuma mutanen ba su da yawa. Wanda zai ce maka carbi maganin hawan jini ne ya wuce gona da iri. Abin da za a iya ɗauka shi ne karatu na natsuwa mai taki guda yana shafar jiki, carbi kuma yana taimakawa wajen riƙe takin, in mai shi ya bari.

Inda abin yake ɓaci

Kaifin hannu shi ne kuma haɗarinsa. Duk motsin da aka maimaita dubban lokuta yakan koma yin kansa, har ya daina bukatar mai shi. Kowa ya taɓa ganin mutum yana ciniki ko yana hira, 'ya'yan carbi suna zuba a hannunsa ƙwas-ƙwas. A Girka ma akwai wani ɗan carbi da ake kira komboloyi wanda ba a karanta komai da shi, na wasa da hannu ne kawai a wurin shan gahawa. Carbin ibada yana iya komawa haka mai shi bai ankara ba.

Ana iya ganewa. Alama ta farko, ka tsinci kanka wurin liman alhali ba ka tuna ka ji wata shaida a hanya ba. Ta biyu, lokaci. Idan kalmar da kake faɗa tana cin daƙiƙa 3 in an furta ta da kyau, to 100 tana bukatar minti 5. Ranar da ka gama cikin minti 2, ko dai harshe yana gutsure kalmar ko yatsa yana jan biyu-biyu. Ta uku, ka saurari kanka: in ƙarshen kalma ya fara haɗewa da farkon mai bi mata, yatsa ne yake jan harshe, ba harshe yake jan yatsa ba.

Gyaran ba shi da wuya a faɗa. Kada ɗan carbi ya motsa sai kalma ta ƙare. In an iso shaida a dakata, a ja numfashi guda kafin a ci gaba. In aka farga an yi nisa cikin rafkana, ba sai an rushe komai an sake daga farko ba, domin wannan hanya ce ta waswasi, kuma mai waswasin lamba ya koma gidan jiya, zuciyarsa tana gadin lissafi maimakon ma'ana.

Yanzu kuma ga kaunta, 'yar na'urar nan da ake sa wa a yatsa kamar zobe, wadda ta cika masallatai da motocin haya. Tana da amfaninta. Ba ta ɗaukar ido, tana riƙe dubbai, ta dace da mai tafiya. Amma ina da ja a kanta. Dannawa ta farko da ta 500 duk ɗaya suke a yatsa. Ba liman, ba shaida, ba abin da zai tare ka. In kana son sanin inda kake sai ka buɗe ido ka karanta lamba, wato ka dawo da abin da aka ƙera carbi don a raba ka da shi. Ga wanda adadi kawai yake nema ta wadatar. Ga mai neman halartowar zuciya, an cire masa sashen da ya fi amfani.

Yatsu ko carbi

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake saɓanin malamai ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana ƙirga tasbihi da hannunsa, kuma a hadisin Yusaira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya umarci mata su ƙirga da yatsu, domin za a tambayi yatsun kuma za su yi magana. A kan haka wasu malamai, irin su Albani, suka ɗauki carbi bidi'a. Wasu suka halatta shi, har Suyuɗi ya rubuta ɗan littafi sukutum yana kare shi. Ibnu Taimiyya ya ce ƙirga da yatsu shi ne sunna, amfani da carbi ba laifi in niyya ta yi kyau, amma ya soki rataya shi don mutane su gani. Hukunci na malamai ne, kowa ya bi wanda ya natsu da hujjarsa. Abin lura kawai shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa kan ƙirga da taɓawa ba. Mai bin gaɓoɓin yatsu uku-uku, ya cika 15, ya sake ya cika 30, ya ƙara uku, shi ma ya miƙa wa hannu lissafi, kuma tsallakawa daga yatsa zuwa yatsa ita ce shaidarsa. Inda yatsu suke wahala shi ne adadi mai yawa, domin sai an riƙe a kai zagaye na nawa ake.

Saboda haka in za ka sayi carbi, a kasuwar Kurmi ne ko a ƙofar masallaci, kada ƙyalli ya ja ka. Fara ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, domin akan sami mai gibi ko mai ƙari. Duba zaren, ya kasance da ɗan sarari da ɗa zai zame ya rabu da ɗan'uwansa, don wanda aka ɗaure tamau ba ya jawuwa. Sannan ka rufe ido ka ja shi zagaye guda. In yatsanka bai gane shaida ba sai ka buɗe ido, mayar wa mai shi ka zaɓi wani.